Yadda ake rage babin sakamakon kundi ya koma gajeriyar maƙalar mujalla

Ɗalibi ya kare kundinsa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, an yi masa barka, sai malamin da ya duba aikin ya ce masa ya fitar da maƙala daga ciki. Washegari ya buɗe babin sakamako mai shafi arba'in da wani abu, ya fara share layi-layi. Bayan mako biyu babin ya koma shafi talatin, kuma har yanzu babi ne, bai zama maƙala ba. Na sha ganin wannan, kuma abin yana damuna, don aiki mai kyau da aka sha rana a kansa yakan ƙare a cikin kabad saboda wannan mataki ɗaya.

Dalilin shi ne kundi da maƙala ba mutum ɗaya suke yi wa magana ba. Kundi yana nuna wa alƙalan jarrabawa cewa ka iya aikin, shi ya sa kake baje kowane gwaji da ka yi. Mai karanta mujalla kuwa ya zo da tambaya ɗaya, yana son amsa da hujjar da za ta riƙe amsar. Don haka ba a fara aikin da sharewa. Ana buɗe sabon shafi fari, a bar kundin a gefe, sai abin da aka tabbatar ana bukata ake ɗaukowa a kawo.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da ke ciki na misali ne, na tsara su don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce wata ɗaliba ta yi aikinta a kan ajiyar albasar Galmi. Ta kwatanta rudu, wato rumbun kara da ciyawa da manoman yankin suka gada, da wani ɗakin ajiya mai kofofin shan iska. Ta fara da ma'aji 26, wato 13 a kowane ɓangare, ta ware kilo 100 a kowanne, tana aunawa duk bayan kwana 30 daga Afrilu har kwana 120. Babin sakamakonta shafi 46 ne, da jadawali 31 da zane 18. Mujallar da take nufa ta ce dukan maƙala kada ta wuce kalma 4000, jadawali da zane a haɗe kada su wuce huɗu.

Mataki na farko: amsa a jimla ɗaya

Kafin a taɓa kowane adadi, sai ta rubuta a takarda da hannu abin da maƙalar za ta faɗa, a jimla ɗaya da manomi ma zai gane. Idan ta rubuta «an yi nazarin hanyoyin ajiyar albasa a yankin Tawa», ba ta faɗi komai ba, take ne kawai. Jimlar da ake nema ita ce irin wannan: «Bayan kwana 120, albasar da aka ajiye a ɗaki mai shan iska ta yi asarar nauyi ƙasa da ta rudu da kusan kilo 12 a cikin kowane kilo 100.»

Akwai sharaɗi a nan da ba na sassautawa. Tambayar da jimlar ke amsawa dole ta zama wadda aka tsara aikin a kanta tun farko, wadda ke rubuce a manufofin kundin. Ba a bin jadawalai ana neman inda tauraro ya fito, wato alamar da ake sa wa sakamakon da p ɗinsa ta gaza 0.05, sannan a ɗinka masa tambaya. Zan dawo kan wannan, don nan ne gaskiyar maƙala ke tsayawa ko ta faɗi.

Idan jimlar ta ƙi zama ɗaya, ta rabu gida biyu da ba su jingina da juna ba, misali asarar ajiya da kuma yadda farashi ke tashi daga lokacin girbi zuwa ƙarshen damina, to maƙala biyu ce. Amma kada a yanka tambaya ɗaya gunduwa-gunduwa, a fitar da ta kwana 60 daban, ta kwana 120 daban. Editoci sun san wannan kuma suna ƙin sa.

Mataki na biyu: a ƙirga kayan, a raba su kashi uku

Sai ta ɗauki takarda ta jera jadawalai 31 da zane 18 ɗin nan, kowanne da lambarsa, a gabansa ta rubuta tambayar da yake amsawa cikin kalma biyar ko shida. Aikin yini ɗaya ne, kuma ya fi kyau a yi shi a kan kundin da aka buga, da biro a hannu. Ga kowanne sai ta tambayi kanta: idan na cire wannan, jimlata za ta rasa ƙafa? Wanda amsarsa e ce ya shiga kashi na farko, na cikin maƙala. Wanda mai tantancewa zai iya nema don ya gamsu, amma mai karatu ba ya bukata, ya shiga kashi na biyu, na ƙarin bayani da mujallu da yawa ke ajiyewa a gefen maƙala. Sauran su zauna a kundi, ba su ɓata ba, suna nan a ɗakin karatu.

A misalinmu, jadawali tara na farko bayanin manoman da aka tattauna da su ne: shekaru, yawan iyali, ƙabila, karatu, girman gona. A kundi suna da gurbi. A maƙalar asarar nauyi kuwa abin da ake bukata shi ne wanda zai iya shafar ruɓewar albasa: kwana nawa aka shanya ta kafin a zuba, girman kawunan, da ranar da aka zuba. Waɗannan uku za su shiga ƙaramin jadawali ɗaya don a ga ɓangarorin biyu sun tashi daga wuri ɗaya. Jadawali goma na awon wata-wata ne, biyu ga kowane awo, kuma kowanne an sake zana shi a hoto. Duka za su narke su zama zane ɗaya: layi biyu, kwanaki a ƙasa, asara a tsaye. Jadawalan gwajin sharuɗɗa, irin na Shapiro-Wilk da na Levene, su koma jimla ɗaya a sashen hanyoyin aiki. Zanen da'ira mai yanka-yanka da ke nuna maza da mata kuwa, adadi biyu ne kawai a cikinsa, ba ya bukatar hoto.

Abin da ya rage: jadawalin farawa, zanen tafiyar asara, da jadawalin sakamakon kwana 120. Uku ke nan, har da sauran gurbi ɗaya, kuma ba dole ne a cike shi ba.

Mataki na uku: a tabbatar da abin da ake ƙirgawa

Wannan matakin ba ragewa ba ne, gyara ne, amma a nan ake gano wani kuskure da ke kashe maƙalun noma da kiwon lafiya. A kundin, ɗalibar ta ɗebi kawunan albasa 50 daga kowane ma'aji ta duba ruɓa, sai ta rubuta n = 1200 ta yi gwaji a kai. Ka ce mata: «Ƙanwata, me kika raba tsakanin hanyoyin ajiya biyu, kawunan albasa ko ma'ajin?» Za ta ce: «Ma'ajin, Malam.» To shi ke nan, adadin da gwaji zai tsaya a kai shi ne na ma'aji. Kawuna 50 da ke rudu ɗaya zafi ɗaya suke sha, laima ɗaya, hannun manomi ɗaya. Idan ruwa ya tsiyaya ta rufin, dukansu zai taɓa. Ƙirga su kamar shaidu 50 masu zaman kansu yana sa p ta yi ƙanƙanta fiye da gaskiya. Masanin muhalli Stuart Hurlbert ya yi dogon rubutu a kan wannan kuskure tun 1984, kuma masu tantancewa na mujallun noma sukan duba shi.

Yadda za ka gane shi a naka aikin: dubi adadin da ke ƙarƙashin `df` ko `ddl` a sakamakon kwamfuta. Idan kana da ma'aji 24 amma ka ga adadi ya haura dubu, ka ƙirga abin da bai kamata ba. Gyara mafi sauƙi shi ne a fitar da matsakaici ɗaya ga kowane ma'aji, sannan a yi gwajin a kan waɗannan. A R haka ake yi:

```r
m <- aggregate(rube ~ maaji + ajiya, data = kawuna, FUN = mean)
t.test(rube ~ ajiya, data = m)
```

Me ya sa 24 alhali ta fara da 26? Manomi ɗaya a kowane ɓangare ya sayar da albasarsa kafin kwana 120. Wannan jimla dole ta shiga maƙala, ita ce ma farkon sashen sakamako: nawa aka fara da su, nawa suka fita, da dalili. Ba ta cin kalma talatin. Da a ce an cire wani ma'aji ne don albasarsa ta ruɓe gaba ɗaya, to wannan ba fita ba ce, sakamako ne, kuma cire shi zai ƙawata ɓangaren da yake ciki.

Mataki na huɗu: alƙaluman da ke zama

Ga babban sakamako, abu huɗu ake bukata: yawan abin da aka ƙirga, matsakaicin kowane ɓangare da yadda ya warwatsu, girman bambanci tare da tazarar aminci ta kashi 95, wato 95% CI, sai p. A cikinsu bambancin da tazararsa su ne gaba, p tana biye.

Kundin ya rubuta sakin layi guda cike da jimlar murabba'ai, da F, da t, da p har lamba shida bayan ɗigo, ya ƙare da cewa bambancin «yana da ma'ana ƙwarai». Mai karatu ya gama bai san kilo nawa aka tsira da su ba. A maƙala zai koma haka, ko da Faransanci za a rubuta ko da Turanci:

«A kwana 120, matsakaicin asarar nauyi ya kai kashi 38.4 a rudu (SD 7.9, n = 12) da kashi 26.1 a ɗaki mai shan iska (SD 6.5, n = 12). Bambancin maki 12.3 ne (95% CI 6.2 zuwa 18.4, p < 0.001).»

Jimla biyu sun maye gurbin wancan dogon sakin layi. Dubi abin da tazarar ke faɗa wanda p ba ta faɗa. Alƙaluman sun dace da riba ƙarama kamar kilo 6 a cikin 100, sun kuma dace da babba kamar kilo 18. Ƙungiyar manoma da ke tunanin gina irin wannan ɗaki za ta ɗauki kilo 6 ɗin ta auna da kuɗin gini, ta ga ko a mafi ƙarancin riba ma abin zai biya. Da p kaɗai ba za ta iya wannan lissafi ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 inda ta ce p ba ta auna girman tasiri ko muhimmancin sakamako, kuma mujallu da yawa yanzu suna neman tazara a fili.

Ba sai an sake wani lissafi ba, tazarar tana cikin sakamakon da aka riga aka fitar, an dai tsallake ta ne. A SPSS tana ƙarshen jadawalin `Independent Samples Test`, ƙarƙashin `95% Confidence Interval of the Difference`. A R, `t.test` yana buga ta a ƙarƙashin `95 percent confidence interval`.

A kula da kalmar «maki». Daga kashi 38.4 zuwa 26.1 raguwar maki 12.3 ce. Idan aka auna ta da 38.4 ɗin, asarar ta ragu da kusan kashi 32 cikin ɗari. Duka biyun gaskiya ne, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya rubuta «ta ragu da kashi 12» ya bar mai karatu cikin ruɗu. A zaɓi ɗaya a faɗe shi sarai.

Sai alamar ±. Kundaye cike suke da 38.4 ± 2.3 ba tare da an ce mene ne 2.3 ɗin ba. SD yana nuna yadda ma'ajin suka bambanta da juna. SE yana nuna yadda matsakaicin kansa ke iya gocewa, kuma ana samunsa ta `SE = SD / √n`, wato 7.9 a raba da saiwar 12, ya ba da 2.3. Ɗalibai sukan ɗauki SE don sandunan zane sun fi gajarta da shi. Ni shawarata ita ce SD wajen bayyana ɓangarori, tazarar aminci wajen bambanci, kuma a rubuta a ƙasan kowane zane abin da sandunan ke wakilta.

Ƙananan abubuwa da ake gyarawa a zama ɗaya: inda SPSS ya buga `.000` a ƙarƙashin `Sig.`, a rubuta p < 0.001, don p ba ta zama sifili. Awon da aka yi da sikelin kasuwa ba ya haifar da 38.4167, lamba ɗaya bayan ɗigo ta isa. Mujallar Faransanci tana son waƙafi, 38,4, ta Turanci tana son ɗigo, 38.4, kuma wanda ya juya kundi daga wannan harshe zuwa wancan yakan manta da cikin jadawalai da jikin zane.

Mataki na biyar: abin da ba a yarda a yanke ba

Yanzu na dawo kan sharaɗin da na ambata. Manufofin kundin uku ne: asarar nauyi, ruɓa, da tsiro. Na tsiro bai nuna wani bambanci a fili ba: kashi 9.2 a rudu, 7.8 a ɗaki, bambanci 1.4, tazara daga −1.9 zuwa 4.7, p = 0.39. Da wuri ya ƙure, hannu yakan tafi kai tsaye ga wannan layi don a share shi. Kada a share. An tsara auna shi tun farko, don haka yana da layinsa a jadawali da jimla ɗaya a rubutu. Wanda ya karanta maƙalar da aka cire tsiro zai ɗauka ɗakin ya fi rudu ta kowace fuska, alhali aikin bai nuna haka ba. Kuma kada a rubuta «babu bambanci». Tazarar ta ratsa sifili, ta dace da ɗakin ya ɗan fi, ta dace da rudu ya ɗan fi. Abin da za a ce shi ne da ma'aji 12 a kowane ɓangare ba a ga bambanci a fili ba, ga iyakokinsa.

A ɗaya gefen kuma akwai wani jadawali a kundin mai alaƙa 20 tsakanin halayen manoma da ruɓa, ɗaya ta fito da tauraro: shekarun manomi, p = 0.04. Ɗalibar tana ƙaunar wannan tauraro, har ta rubuta shafi biyu a kan gogewar dattawa. Amma idan aka yi gwaji 20 masu zaman kansu a ma'aunin 0.05, ko da babu wata alaƙa ta gaskiya ko ɗaya, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da tauraro ita ce `1 − 0.95^20`, wato kusan kashi 64 cikin ɗari. Ko dai jadawalin ya tafi ƙarin bayani gaba ɗayansa, da duka 20 ɗin, a ce bincike ne na lalube, ko ya zauna a kundi. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗauko tauraron shi kaɗai a ɓoye sauran 19.

Mataki na shida: rubutawa da dubawa

Sashen sakamako a maƙala mai kalma 4000 yakan samu kamar 600 zuwa 800. A jera shi haka: waɗanda aka fara da su da waɗanda suka fita, yanayin farawa, babban sakamako, sannan na biye. Kowane sakin layi ya buɗe da abin da aka gano, ba da «Jadawali na 2 yana nuna» ba. Lambar jadawalin ta zo a ƙarshen jimla. Adadin da ke jadawali ba a sake karanto shi duka a rubutu, sai biyu ko uku da hujjar ta rataya a kansu. Kundayenmu da yawa suna haɗa sakamako da tattaunawa a babi ɗaya, don haka duk jimlar da ta fara da «wannan na iya kasancewa saboda» ko ta ambaci aikin wani, a kwashe ta zuwa sashen tattaunawa.

Daga nan a koma sashen hanyoyin aiki a daidaita shi da abin da ya rage. Duk gwajin da aka ambata a can dole a ga sakamakonsa, duk sakamakon da aka bayar dole a ga yadda aka samo shi. Idan an bar bayanin takardar tambayoyi mai tambaya 60 alhali an cire duk abin da ya fito daga cikinta, mai tantancewa zai tambayi inda amsoshin suka shiga.

Dubawa ta ƙarshe da mutum biyu ake yi. Ɗaya ya riƙe maƙalar, ɗaya ya buɗe sakamakon kwamfuta na asali, ba kundin ba, don kuskuren kwafi da ya shiga kundi zai bi ka har mujalla. A karanta kowane adadi da baki, a yi masa alama. A duba ko kashi-kashi sun haɗu sun ba da 100, ko n ɗin taƙaitawa shi ne na jadawali, ko 12.3 ɗin da ke sakamako bai koma 12.8 a tattaunawa ba. Tunda an sake gwajin ruɓa a kan ma'aji 24, adadinsa zai saɓa da na kundin da aka kare, sai a sanar da malamin da ya duba aikin kafin a aika, a nuna masa dalili. A wasiƙar da za ta raka maƙalar kuma a gaya wa edita cewa an ciro ta daga kundin digiri, a faɗi jami'ar da shekarar da aka kare shi.